Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin makarantun firamare da masu unguwanni na ƙauyukan Jigawa, a kan dara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu unguwanni, ranku ya daɗe. Malamai abokan aikina, barkanku da ƙoƙari, yaya fama da yara?

Ni tsohon malamin firamare ne. Na kama alli a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin duk ƙasarmu tana cikin Jihar Kano, ba a kai ga yanke Jigawa ba sai 1991. Na ajiye aiki bayan shekara 35. Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne wani abu da na gani bayan sallar la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gidana. Na tona gidajen dara a ƙasa don in motsa hannu, sai yara wajen goma suka kewaye ni, wasunsu 'yan aji shida. A cikinsu babu ko ɗaya da ya san gida nawa ake tonawa, balle yadda ake ci. Wani ma ya tambaye ni ko shuka zan yi. A ƙauyen nan kuwa, dattawan da suka iya dara sosai, waɗanda za su kalli ƙasa su gaya maka wanda zai ci tun ba a motsa ɗa ba, saura mutum huɗu, kuma ƙaraminsu ya haura saba'in.

Na san wasannin dandali suna da yawa. Akwai langa, inda gari guda ke tsare ruwansu har ya kai gida yana tsalle da ƙafa ɗaya. Akwai carafke da 'yar gala-gala na 'yan mata, akwai kuma ɗaya darar mai gida 12 wadda ake zuba tsakuwa hurhuɗu ana rabawa gida-gida. Langa ta yi sa'a, ta bi sahun dambe da kokawa har ana yin ta a gasar wasanni ta ƙasa. Ni a kan darar jeri uku zan tsaya, don ita na sani ciki da bai, kuma ita na ga tana shirin bin masu ita kabari.

Ba mu kaɗai ke da ita ba. Dakarkarin ƙasar Zuru sun shahara da ita, Zabarmawan Nijar suna kiranta dili, a Mali kuma ana yin irinta da sunan wali. Wasa ne na mutanen ƙasar yashi, domin ba ya bukatar komai sai ƙasa da yatsa. Lokacin da muke yara, darar manya ta rani ce. In an gama girbi, an kai gero rumbu, an ɗaure harawa, to daga hantsi za ka ga dattawa a ƙofar gidan mai gari ko a inuwar rumfar maƙera sun sunkuya. Da damina ta faɗi, ruwa zai shafe gidajen, babu mai sake tona su sai kaka ta wuce. Yaro ba ya zama a kan darar manya. Aikinsa ya tsinto tsakuwa, ya karyo tsinken kara, ya tsaya a baya ya kama bakinsa. Ta haka muka koya, shekara biyu ko uku ana kallo kafin wani dattijo ya ce, "Kai, zo ka riƙe mini, zan je in kama ruwa." Ranar da aka ce maka haka, ranar ka san an fara ɗaukar ka mutum. Har a harshenmu ta bar sawu, shi ya sa in mutum ya ƙulla wa wani abu ya dawo kansa, sai a ce dara ta ci gida.

Bari in faɗi yadda muke yin ta a garinmu, don mai karatu da bai sani ba ya iya bin maganata. Ana tona layi biyar, kowane layi gida shida, gida 30 ke nan. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, ɗaya ya riƙi tsakuwa, ɗaya ya riƙi tsinke, don a bambance. Wasan kashi biyu ne. Da farko ana dasawa: ka sa ɗa guda a gidan da ka ga dama, abokin wasa ya sa nasa, har hannu ya ƙare. A wannan lokaci an hana ka jera uku. Bayan an gama dashe sai tafiya. Kana matsar da ɗa guda zuwa gidan da ke maƙwabtaka da shi in babu kowa a ciki, gaba ko baya, dama ko hagu, ba a ratse kuma ba a tsallake. Duk sa'ad da motsinka ya jera maka uku a tsaye ko a kwance, ka ci, sai ka cire ɗa guda na abokin wasa. Jerin huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu ya faɗi, tunda ba zai ƙara iya jera uku ba.

Ku yi lissafin da kanku. Gida 30, 'ya'ya 24, in an gama dashe gida shida kacal ke nan babu kowa. Duk wasan a kan gidajen nan shida yake juyawa. Wanda 'ya'yansa ke bakin su shi ke da ƙafa, wanda ya tara nasa a lungu ya zama kamar mai shanu a garke an toshe ƙofa. Yaro sabon shiga idonsa na kan gidan da zai sa ɗa. Gwani kuwa, tun daga ɗa na biyar ko na shida, tunaninsa ya koma kan gidajen da za a bari. Wannan shi ne abu na farko da dara ke koyarwa, kuma ban san wani darasi a jadawalinmu da yake koyar da shi kai tsaye ba: ka kalli inda babu kowa, ka tambayi kanka wa zai riga shiga.

Akwai lissafi na biyu. Kafin ka kayar da mutum sai ka ci masa 'ya'ya goma. In jeri guda gare ka, dole ka buɗe shi da motsi ɗaya, ka rufe da na biyu, wato ci ɗaya a motsi biyu, kuma tsakanin buɗewa da rufewa abokin wasa na iya kutsowa ya zauna maka a gidan. Amma in ka sami 'ya'ya biyu a nan, biyu a can, da wani ɗa guda da in ya matsa nan ya cika uku, in ya koma can ya cika uku, to kowane motsi ci ne. Shi ake kira doki. Wanda ya hau doki, in ba a tare shi da wuri ba, magana ta ƙare.

Zan ba ku wasa guda dalla-dalla, wanda aka yi da ni ina ɗan shekara goma sha biyu, kuma har yau ina iya tona shi da ido rufe. In da hali ku tona gidajen a ƙasa ku bi ni, ya fi saurin shiga kai. Ku ƙidaya layuka daga sama zuwa ƙasa, gidaje kuma daga hagu zuwa dama.

Ƙanen kakana ne ya zaunar da ni, shi da tsakuwa, ni da tsinke, kuma shi ya fara dasawa. Da aka gama, ga yadda bakwai daga cikin tsakuwoyinsa suke. Ya sa ɗaya a gida na uku na layin farko, ɗaya a gida na uku na layi na biyu, wato biyu a tsaye, ɗaya bisa ɗaya. Gida na uku na layi na uku, wanda ke ƙarƙashinsu, babu kowa. Zan kira shi gidan tsakiya. A layi na huɗu yana da tsakuwa a gida na uku da na huɗu da na shida, gida na biyar kuma babu kowa. Sauran biyun ya ajiye su kamar ba su da aiki, ɗaya a dama da gidan tsakiya, ɗaya a gida na uku na layin ƙarshe.

Na ga gidajen nan biyu da ya bari, kar ku ce ban gani ba. Abin da na ce a raina shi ne, ai doka ta hana Baba ya dasa a cikinsu, don zai jera uku ko fiye, saboda haka ba su da haɗari, bari in je in gina nawa a gefen hagu. Nan na faɗi, tun ba a motsa ɗa ko ɗaya ba. Gidan da doka ta hana abokin wasanka dasawa shi ne ainihin gidan da yake nema, kuma kai doka ba ta hana ka ba. Tsinke guda a gidan tsakiya da ya kashe masa rabin shirinsa. Ban kuma lura da cewa wanda ya fara dasawa shi zai fara tafiya ba.

Baba ya jawo tsakuwar gida na shida zuwa na biyar. Layi na huɗu ya jeru, uku da huɗu da biyar, ya ci. A nan ne abin da nake so malamai su lura da shi yake. Ina da 'ya'ya biyu a jere a can sama waɗanda nake taƙama da su, na tabbata ɗaya daga cikinsu zai ɗauka. Ko kallonsu bai yi ba. Ya miƙa hannu ya cire wani tsinke nawa da ke hagu da gidan tsakiya, wanda ni ban ɗauke shi bakin komai ba. Shi kaɗai ne ɗana da zai iya shiga gidan tsakiya da motsi guda, domin ƙofar dama tsakuwarsa ce ke zaune a kai.

Na yi maza na turo wani tsinke zuwa inda aka cire wancan, amma saura taki ɗaya in shiga. Baba ya ɗaga tsakuwar gida na uku na layi na huɗu ya hau da ita gidan tsakiya. Uku a tsaye, ya sake ci. Yanzu gidan da ya baro shi ne a buɗe, shi ma ƙofa biyu gare shi da zan iya bi: ta ƙasa, inda ya riga ya ajiye tsakuwa tun a dashe, da ta hagu, inda nake da tsinke. Ya cire tsinken. Na turo wani. Ya sauko, layi na huɗu ya sake jeruwa, ya cire wanda ke bakin gidan tsakiya. Haka ya yi ta hawa da sauka, kullum yana cin wanda ke ƙofar gidan da ya baro. Ni ɗa guda nake iya kawowa a kowane motsi, shi kuma ɗa guda yake ci a kowane motsi, don haka har abada ba zan riga shi ba. Motsi goma, ci goma. Tsakuwoyin nan biyu da na ce ba su da aiki, su ne masu gadin ƙofa, ya kafa su tun kafin in san akwai ƙofar.

Da aka gama bai yi mini dariya ba. Ya mayar da 'ya'yan yadda suke a ƙarshen dashe, ya ce, "Nuna mini inda ka mutu." Sai da na yi kuskure sau uku kafin na ɗora yatsa a gidan tsakiya. Sannan ya nuna mini hanya ɗaya da ta rage wa wanda aka hau wa doki. Ka daina bin ƙofa, ka nemi naka jerin ko ta halin ƙaƙa, in ka ci sai ka cire ƙafar dokin, wato ɗaya daga cikin biyun da ke jiran a cika su. A garinmu ba a cire ɗa daga jerin da yake a rufe, saboda haka sai ka duba wane ɓangare ne a buɗe a daidai lokacin. Da na yi haka tun a ci na biyu, da na tsira da 'ya'ya takwas ko tara, wasa kuma da sauransa.

Dokar hana huɗu ma tana da nata tarkon. A ce kana da biyu a jere, sai gida a buɗe, sai wani naka a gaba. In ka shigo gidan da wani ɗa daga sama ko daga ƙasa, ka jera huɗu, ba ka ci komai ba, ka kuma toshe wa kanka hanya. In kuwa na gaban ka jawo baya, uku ne cif. Gida ɗaya, 'ya'ya iri ɗaya, amma ta inda ka shigo ita ke raba ci da asara. Na sha ganin yaro mai kaifin kai ya faɗa wannan rami saboda ɗoki, kuma wanda ya faɗa sau ɗaya da wuya ya sake.

Ba zan ce muku dara za ta sa yaro ya ci jarrabawar lissafi ba, ban auna ba, kuma ba na son in yi muku alkawarin da ba nawa ba. Abin da na gani da idona shi ne yaron da ya saba da ita yana koyon riƙe hannunsa. Yana tambayar kansa, in na yi wannan, shi me zai yi, ni kuma sai in yi me? A dara babu ƙuri'a, babu abin jefawa, kuma babu abin da ke ɓoye, komai yana shimfiɗe a gaban mutum biyun. Wanda aka ci ba shi da sa'ar da zai zarga. Dole ya koma ya nemo gidan da ya bari.

Na san abin da wasu iyaye da malaman addini za su ce, kuma ba na raina maganarsu. Mun ga inda dara ta zama zaman kashe wando, mun ga inda aka sa kuɗi ta koma caca, mun ga wanda aka kira salla yana cewa bari a ƙarasa. Duk wannan ya faru, har a garinmu. Amma dattawan da suka koya mana suna da ƙa'ida a kai. Ba a sa ko anini, in ladan ya ɗaga murya ana barin 'ya'ya inda suke a tafi masallaci, kuma ba a tona dara ranar aikin gona. Ƙa'idar nan nake so a koya wa yara tare da wasan, daga bakin mutanen da suka riƙe ta. In muka ƙyale, yaran ba zama za su yi hannu rabbana ba, za su koyi karta da lido a bayan kasuwa inda babu babba ko ɗaya.

Ga roƙona gare ku, shugabannin makarantu. Ku ware minti 30 a mako, a cikin lokacin motsa jiki ko bayan tara, ga 'yan aji huɗu zuwa shida. Ba na neman a sayo komai, kuma ina roƙo kar a fara da zancen katako ko kwangila. Inuwa da yashi sun isa. Aji mai yara 60 yana bukatar dara 15, yara biyu a kowane ɓangare suna shawara da juna, domin yaron da zai bayyana wa abokinsa dalilin motsi ya fi wanda ke wasa shi kaɗai saurin ganewa. Kowane yaro ya zo da 'ya'yansa shida daga gida, tsakuwa ko ƙwallon dabino ko tsinke. Makonni uku na farko kar a bar su su yi tafiya ko kaɗan. Su dasa kawai, sannan a tsaya, malam ya tambaye su: ina gidaje shidan, wa ke bakin kowanne, wa zai fara motsi, wa kuke ganin zai fara ci? Sai a share a sake. In an fara cikakken wasa, kar a tashi sai wanda aka ci ya nuna gidan da ya kashe shi, kamar yadda aka yi mini. 'Yan mata kuma a zaunar da su daidai da maza. A zamaninmu ba a yi haka ba, an bar su da carafke, amma jikata mai shekara goma sha ɗaya ta hau mini doki a watan jiya, kuma ba sakaci na yi ba.

Ku kuma masu unguwanni, ranku ya daɗe, abin da ke hannunku ya fi na malamai gaggawa. Yawancin malaman da ke aji yanzu su ma ba su iya ba, kuma ba laifinsu ba ne. Ku kuka san dattijon da ya iya a kowace unguwa, kuma in ku kuka aika masa zai zo, in takarda ce daga makaranta zai ce ba shi da boko. Ku haɗa uku daga cikinsu da malami guda mai rubutu, a zauna a zaure, a rubuta dokokin garin a littafi, da boko ko da ajami. A tambaye su abubuwan da ake saɓani a kai. Shin ana cire ɗa daga jerin da yake a rufe? Jerin huɗu haramun ne gaba ɗaya, ko dai ana yi amma ba ci? In motsi guda ya jera uku a tsaye da uku a kwance, ɗa nawa ake ci? In mutum ya rasa inda zai motsa, yaya ake yi? Na yi wasa da mutanen wajen Gumel da na wajen Haɗeja a kasuwanni, na tarar amsoshin ba ɗaya ba ne, har akwai masu tona gida 42, layi shida gida bakwai-bakwai. Kar a ce sai an daidaita su. Kowane gari ya rubuta nasa da sunayen da yake kiran abubuwa, in za a kara tsakanin ƙauye da ƙauye sai a bi dokar mai masauki, kamar yadda aka saba tun da.

Ni na riga na fara da yaran ƙofar gidana, ranar Alhamis da Asabar bayan la'asar. Cikin dattawan nan huɗu, biyu sun yarda za su je makarantar garinmu in an kira su, ɗaya ya ce sai dai a zo a ɗauke shi a babur saboda gwiwa. Na huɗun yana kwance tun sanyin bara, amma bakinsa garau, kuma shi ya fi mu duka sanin dashe. Shi ya kamata a fara zuwa wa da littafin, a cikin ranin nan.

Allah ya ƙara wa masu unguwanni lafiya, ya ba malamai ladan aikinsu.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin firamare, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim.